Nasihar da na rubuta ta fito kamar ta aro

Tambaya: Malama, an ce in yi tunatarwa ta minti biyar kan haƙuri a Islamiyyarmu ta matan aure da ke Mabera. Na harhaɗo ta daga saƙonnin WhatsApp, ƙanwata ta ce kamar faɗa nake yi. Ga wani ɗalibi ya ce in biya shi ya gyara mini. In biya?

Amsa: 'Yar uwa, riƙe kuɗinki. Ɗalibin zai iya gyara miki rubutu, amma bai san inda haƙurinki yake ƙarewa ba, kuma abin da takardar ta rasa ke nan.

Ɗauki biro ki ja layi a ƙarƙashin kowane "ku". Na san irin jimlar da za ki tarar: "Ya ku mata, ku ji tsoron Allah, ku yi haƙuri, duniya ba matabbata ba ce." Gaskiya ce, sai dai kin tsame kanki daga cikin masu laifi, kuma kowa ya ji ta sau ba adadi. Mayar da "ku" ta koma "mu", sannan ki sa abin da ya faru a gidanki. Misali: "Ranar nan da la'asar, ga zafin Sakkwato, ba wuta, ina kan tuƙin tuwo yaro ya kifar da miya. Abin da ya fito daga bakina ba 'Inna lillahi' ba ne. Mu tambayi kanmu, me muke faɗa a wannan lokacin?" Nan ne gurbin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa haƙuri yana a bugun farko na musiba. Yanzu kowace mace a ajin ta ga madafarta a cikin hadisin. Amma labarin ya zama ya faru da gaske, kuma naki ne. Ban da na kishiya ko maƙwabciya, don ajin zai gane wa ake nufi, nasiha ta koma habaici.

Aya da hadisi kuwa ba a gyara musu lafazi don su yi daɗi. Zaɓi aya ɗaya, kamar ta 153 a Suratul Baƙara, da wannan hadisin, ki nuna wa malaminku ya tabbatar da karatu da fassara. Duk hadisin da saƙon bai faɗi wanda ya ruwaito shi ba, ajiye shi gefe, balle mai cewa a tura wa mutum goma.

Idan kin gama, karanta wa ƙanwar taki da baki. Duk inda harshenki ya sarƙe, ko kika ji kalmar da ba kya faɗa a hira, to wurin na aro ne, sake shi da Hausar da kike magana da ita. Minti biyar ba su da yawa, abin da ya yi saura ki bar shi sai an sake ba ki dama.