Takardar magada daga kotu: kakar da ta rasu daga baya da matar da aka saka

Tambaya: "Mahaifinmu ya rasu, banki ya ce sai mun kawo takarda daga kotu mai nuna su wane ne magada. Kakarmu, mahaifiyarsa, ta rasu wata 2 bayansa, kuma ya saki ƙaramar matarsa dab da rasuwarsa. Me za mu kai kotu, kuma su wa za mu rubuta?"

Allah ya jiƙan Baba da Kaka, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan'uwa, na daɗe ina raka iyalai irin wannan hidima, kuma abin da alƙali yake son ya tabbatar uku ne: mutumin ya rasu kuma a wace rana, me ya haɗa kowane mai nema da shi, sannan babu wani magajin da aka bari a baya. Na ukun nan shi ne mai wuya, kuma a kansa ake soke takarda bayan an bayar.

Fara da takardar shaidar mutuwa. Wadda asibiti ke bayarwa daban take da ta hukumar rajistar haihuwa da mutuwa, kuma sau da yawa ta hukumar ake nema, don haka ka tambayi magatakardar kotu tun kafin ka cike komai. Ku kam biyu za ku nema, ta Baba da ta Kaka, domin ranakun da ke jikinsu su ne hujja. Ana duba wanda yake raye a lokacin da mamaci ya cika, ba ranar da aka je kotu ba. Kaka tana raye a lokacin, saboda haka magajiya ce, dole sunanta ya shiga. Idan kotun da shari'ar Musulunci take aiki, uwa tana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, in akwai 'ya'ya, matan marigayi kuma suna tarayya a sumuni, wato ɗaya cikin takwas. A raba dukiyar gida 24 bayan an biya bashi da wasiyya: Kaka 4, matan 3, sauran 17 na 'ya'ya, in dai akwai namiji a cikinku kuma kakanku na wajen uba ba ya raye. Kason Kaka ba zai dawo cikin naku kai tsaye ba, magadanta zai bi, kamar baffanninku da gwaggonninku. Wannan gado ne na biyu, kuma kotu na iya cewa a buɗe masa nasa fayil. Na sha ganin 'ya'ya sun tsallake kaka don ta riga ta rasu, sai baffa ya ji labari ya kai ƙara, banki ya sake rufe asusun.

Matar da aka saka kuma, kada ku yanke hukuncinta a gida. Ku kai takardar sakin, a ga rana da adadi. In saki ɗaya ne ko biyu na kome kuma iddarta ba ta cika ba ya rasu, tana da gado. In a ciwon ajali ya sake ta, nan ma akwai maganar malamai, alƙali ne zai duba. Ku kuma tambaya cikin mutunci ko tana da juna biyu, domin cikin yana da haƙƙi, ana jinkirta rabo ko a ajiye masa kasonsa. 'Ya'yanta kuwa magada ne ko yaya auren ya ƙare.

Sauran takardun ba su da wahala: takardar aure ta kowace mata, takardar haihuwar kowane ɗa, katin shaida na manyan magada, da takardar rantsuwa mai ɗauke da sunayen kowa da shekarunsa da dangantakarsa. In babu takardar aure, shaidun ɗaurin auren suna iya tsayawa. Ku je da shaidu 2 da suka san gidan ciki da waje, waɗanda ba su da rabo a dukiyar. Alƙali zai tambaye su kai tsaye ko marigayin ya taɓa wani aure, ko yana da ɗa a wani gari. Ƙananan yara sai an nuna wanda zai tsaya musu, wanda yake nesa kuma ya aiko da takardar wakilci.

Ka jera takardun a kan tebur ka karanta sunan Baba a kowacce, harafi bayan harafi. In a banki Muhammad ne, a takardar mutuwa kuma Mohammed, a gyara ko a yi rantsuwar cewa mutum ɗaya ne kafin kotu ta rubuta nata, in ba haka ba za a dawo da ku daga kan kantar banki.

Kafin duk wannan, ka roƙi bankin ya rubuta maka sunan takardar da yake so. Ta magada tana faɗin su wane ne masu haƙƙi, amma a wurare da dama sai an ƙara da ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin a saki kuɗi. In an ba ku, ka karɓi kwafe masu hatimin kotu da yawa, ka riƙe ta asali a hannunka, domin kowane ofis zai riƙe guda.