Sun biya ni sau biyu, yanzu sun ce in zuba kuɗi mai yawa

Tambaya: "Jama'a don Allah ku ba ni shawara. An turo min saƙo a WhatsApp cewa aiki ne na danna layik a bidiyon YouTube. Na yi, sun biya ni. Na zuba dala 10 sun dawo min da 13. Yanzu sun ce in zuba 100. Tunda dai suna biya, anya damfara ce?"

'Yar'uwa, ki tsaya a nan, kada ki tura ko sisi. Wallahi ina karanta saƙonki gabana na faɗuwa, don a daidai wannan matakin na faɗa hannunsu, kuma da irin wannan maganar na yaudari kaina: ai suna biya.

Ni ma layik uku na fara dannawa, na tura sikirinshot, aka ba ni dala 3. Daga nan suka ce in koma Telegram, aka haɗa ni da wata wai ita ce mai karɓar sababbi, ita kuma ta miƙa ni ga wani da suke kira malami. Na zuba 10 na karɓi 13, na zuba 30 na karɓi 39. Ki lissafa da kyau, duk ribar da na taɓa riƙewa a hannuna dala 15 ce. Wannan 15 ɗin ba albashi ba ne, tsaba ce aka watsa wa kaza. Suna sane suke barin ki ki cire ƙananan kuɗin, don ranar da hankalinki ya ce ki gudu, ki tuna cewa ai kin ga alat da idonki.

Da na zuba 100 sai labari ya sauya. Malamin ya ce wannan babban aiki ne mai matakai, ba a cire kuɗi sai an kammala, kuma mu huɗu ne a rukuni ɗaya. Mataki na biyu 300. Na zuba. Sai ya ce na yi kuskure wurin danna wani abu, na ɓata aikin kowa, gyaransa 700. Har yau ban san mene ne kuskuren ba, don babu shi. Abin da ya ce in danna shi na danna.

Amma ba malamin ne ya fi ƙona min rai ba. Wata ce cikin mu huɗun. Ta biyo ni ta bayan fage tana kirana Anti, ta ce ita ma tsoro take ji, ta ce kuɗin jinyar mahaifiyarta ta zuba, in ban cika nawa ba nata ma ya maƙale. Ta turo min saƙon murya kamar mai kuka. Daren nan ban runtsa ba. Ina zaune a gefen gado da waya a hannu, ina kallon lambar da ke allo, ina jin ni ce zan jawo wa baiwar Allah asara. Da asuba na kira yayata na yi mata ƙarya, na ce wata lalura ce ta taso, ta ranta min. Ƙaryar nan ta fi kuɗin ci min rai. Na tura 700 ɗin, yarinyar ta yi ta sa min albarka, har da cewa ba za ta manta da ni ba. Ashe tasu ce. Ita da sauran biyun da duk masu tura hoton alat a babban guruf ɗin suna godiya, duk bakinsu ɗaya, wataƙila ma mutum ɗaya ne ke riƙe da wayoyin. Allah ya isa tsakanina da ita, ko ma wane ne.

Shafinsu na intanet ya nuna min ina da dala 1,430, wato 1,100 da na zuba da ribar kashi 30 cikin ɗari. Na danna cirewa, aka ce sai na biya haraji kashi 20, dala 286. A nan Allah ya taimake ni na ce musu su cire harajin daga cikin kuɗin nawa su turo min ragowar. Suka ce tsari bai yarda ba. Wannan gwajin ki riƙe shi, ko yau za ki iya yi musu: ki ce su ɗauki 100 ɗin daga abin da za ki samu nan gaba. Ba za su taɓa yarda ba, don lambar da ke kan shafin rubutu ne kawai, su ke sa abin da suka ga dama. Kuɗin gaske ya tafi tun lokacin da ya bar hannunki.

Abubuwan da ya kamata su farkar da ni suna gabana tun ranar farko. Ban nemi aikin ba, shi ya zo ya same ni, babu ganawa, babu wanda ya tambayi me na iya. Kuma duk lokacin da zan tura kuɗi, wurin turawar daban ne. Da farko asusun mutane ne, sunan yau ba shi ne na jiya ba, daga baya suka koya min sayen USDT, wani kuɗin intanet na kirifto, in tura, shi kuwa in ya tafi babu bankin da zai juyo da shi. Sunan wani babban kamfani suka ara da tambarinsa, ni kuma ban taɓa shiga shafin kamfanin da kaina na duba ko suna ɗaukar irin wannan aikin ba. Daga baya wani ya nuna min yadda ake duba ranar da aka yi wa shafi rajista ta hanyar binciken WHOIS. Shafin da suka ce shekaru yake yi yana biyan mutane, ko wata ɗaya bai cika ba.

Kada ma ki ɗauka rashin wayo ne ke kai mutum. Hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta ce a wata shida na farkon 2024 ta samu ƙorafi kusan 20,000 a kan irin wannan damfarar ta ƙananan ayyuka, alhali a duk shekarar 2023 kusan 5,000 ne. Wannan waɗanda suka iya buɗe baki ke nan. Ni sai da na yi wata biyu kafin na faɗa wa kowa.

Wani abu kuma, in sun ce za su riƙa turo kuɗi asusunki ki wuce da shi wani wuri su ba ki lada, kada ki yarda. Kuɗin wasu bayin Allah ne da aka cuta, kuma in bincike ya tashi sunanki za a gani, asusunki za a rufe. Ina zargin 13 ɗin da aka turo miki ma daga aljihun wata irina ta fito.

Yanzu ki ɗauki hoton duk hirarku da lambobinsu da asusun da kika tura wa kuɗi kafin ki fita, don suna iya goge saƙonnin Telegram daga ɓangarorin biyu, ni haka na wayi gari na ga wayam. In kin ba su hoton katin shaidarki ko bayanan banki, ki sanar da bankinki yau, kuma kalmar sirrin da kika yi rajista da ita a shafinsu, in kina amfani da ita a wani wuri, ki canza. Sannan ki toshe su, kada ki tsaya yi musu sallama, sun fi ki iya magana.

Ki sa ran wasu za su biyo ki ta akwatin saƙo saboda wannan tambayar da kika yi. Ni kwana uku bayan abin, wani ya rubuto min wai ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin da aka damfara, in ba shi dala 50 kafin alƙalami. Ya san adadin da na rasa daidai, 1,100, alhali a lokacin ko yayata ban faɗa wa ba.