Tambaya da Amsa: In sa shugabanmu a Cc ko a Bcc?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye kusa da Auyo. Mun biya dila kuɗin taki, yau sati uku shiru. Zan tura masa imel kuma ina so shugabanmu ya gani. A Cc zan sa shi ko a Bcc?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. A Cc za ka sa shi, amma ka san abin da hakan ke faɗa wa dilan.

Idan kana rubutu a Gmail na waya, taɓa 'yar kibiyar da ke gefen To, layukan biyu za su fito. Dila shi ne a To, don daga gare shi ake jiran amsa. Wanda ke Cc kuwa shaida ne, kamar ka je shagon dilan tare da shugabanku, ya zauna a benci bai ce uffan ba. Dilan zai ga adireshinsa, ya gane magana ta wuce tsakaninku biyu. Wani yakan ji kamar ƙararsa aka kai. Saboda haka in wannan ne tuninka na farko, ni da zan fara tura masa shi kaɗai. Amma kuɗin jama'a ne, ga damina ba ta jira, don haka ba laifi. Sai dai ka faɗa a cikin wasiƙar: "Na haɗa da shugabanmu don ya san halin da ake ciki."

Bcc kuwa laɓe ne a bayan zana. Shugaba zai karanta, dila bai san yana nan ba. Matsalar tana wajen amsa. A ce ran shugaba ya ɓaci, ya danna Reply all ya rubuta, "Dama na ce maka mutumin nan ba shi da alkawari." Wannan saƙo zai je maka, ya kuma je wa dilan. Asiri ya tonu, kai kuma ka zama mai munafunci a idonsa. Bayan haka, ko dilan ya amsa da Reply all, amsar ba za ta kai ga shugaba ba, tunda adireshinsa bai fito a wajen dilan ba. In lallai ba ka so dila ya sani, tura wasiƙar tukuna, sannan ka shiga Sent ka yi wa shugaba Forward. Ko ya amsa da zafi, kai kaɗai za ka gani.

Inda Bcc ke da rana shi ne sanarwar taro ga membobi, a ce su 30. Sa adireshinka a To, su duka a Bcc. Ba ka raba adireshin kowa ba ba da izininsa ba, kuma wanda ya amsa da "Allah Ya kai mu" kai kaɗai zai samu.