Ajiya, kayan shago da garke: yaya ake fitar musu da zakka?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne mai saye da sayarwa kullum. Ina da ajiyar kuɗi 600,000, da kayan shago da na saro a kan 1,000,000, ina kuma bin mutane bashin kaya na 300,000. Ni ma ana bina rancen 400,000 da na ci na gyara gidana. Ina kiwon awaki 31, tumaki 14 da shanu 22. Shin haɗa komai zan yi in yi masa kuɗi in fitar, ko yaya?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah Ya yi wa dukiyarka albarka. Ba haɗa komai za ka yi ba. Kuɗi da kayan sayarwa lissafinsu ɗaya ne, dabbobi kuwa ƙirga su ake yi, kuma daga jinsinsu ake fitar da zakkarsu.

Mu fara da kuɗi. Nisabinsu dinari 20 ne na zinari, wanda malaman wannan zamani suka ƙiyasta da giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595. Wasu malamai suna auna kuɗin takarda da zinari, wasu da azurfa domin ta fi sauƙin kaiwa, talaka ya fi amfana. Ni da zinari zan yi maka lissafi, amma wanda ya bi azurfa ya yi ihtiyaɗi mai kyau. Ranar da shekararka ta cika sai ka tambayi kuɗin giram ɗaya ka ninka sau 85. Don misali kawai, mu ƙaddara giram ya kama 10,000, nisabi ya zama 850,000. Shekarar kuma ta watan Musulunci ce, kwana 354 ko 355. Wanda yake ƙirgawa da shekarar rana yana jinkirta haƙƙin talaka da wajen kwana 11 duk shekara bai sani ba.

Ka ga ajiyarka ta 600,000 ita kaɗai ba ta kai nisabi ba, kuma a nan mutane da yawa suke tsayawa su ce babu komai a kansu. Kuskure ne, domin kayan shagonka kuɗi ne da suka sauya kama, sai an haɗa su da ajiyar.

A mazhabar Malikiyya 'yan kasuwa iri biyu ne. Akwai mai juya kaya, wanda yake sayarwa ya sake sarowa ba ya jiran farashi ya tashi, shi ake kira mudiri, kuma kai ke nan. Akwai mai ajiye kaya yana dakon tsada, wato muhtakiri, shi ba ya fitarwa sai ya sayar, sannan ya ba da zakkar shekara ɗaya ko da kayan sun yi shekaru a ajiye. Kai kuwa duk shekara za ka shiga shagonka da takarda da alƙalami, ka bi kaya ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu kuɗi da darajarsu ta wannan ranar a kasuwa. Kuɗin da ka saro su ba shi ake dubawa ba. Idan kayan 1,000,000 yanzu sun kai 1,200,000, to 1,200,000 za ka rubuta, idan kuma sun faɗi sai ka rubuta abin da suka koma. Riba tana bin shekarar uwar kuɗi, ba a sake ƙirga mata sabuwa. Kanta, ma'auni, abin ɗaukar kaya da ginin shagon ba sa shiga, tun da ba don sayarwa ka ajiye su ba.

Sai bashin da kake bi. Ka duba littafinka da gaskiya, ka ware waɗanda kake sa ran za su biya. Mu ce 200,000 suna hannun masu cika alkawari, sai ka haɗa su. Sauran 100,000 da ke hannun wanda ya karye ko yake musun bashin, ka bar su, ranar da suka shigo hannunka ka fitar musu zakkar shekara ɗaya. Yanzu jimilla ta zama 600,000 da 1,200,000 da 200,000, wato 2,000,000.

Rancen 400,000 da ake binka shi ne wurin da nake so ka natsu. An saba jin cewa bashi yana kayar da zakkar kuɗi, kuma haka ne, amma Malikiyya sun sa sharaɗi: sai in mutum ba shi da wata kadara da za ta iya biyan bashin, irin wadda ake sayarwa a biya masu bin mutum idan ya karye. In yana da ita, sai a jingina bashin a kanta, ya fitar da zakkar kuɗinsa cikakkiya. Kai kana da shanu 22 da suka shekara a hannunka, biyu ko uku daga ciki sun isa su share wannan rance. Saboda haka ba za ka cire shi ba. Raba 2,000,000 gida 40, domin zakkar kuɗi ɗaya ce cikin arba'in, sai ka sami 50,000. Ita ce zakkarka. Da ba ka da shanun nan ko wata kadara makamanciyarsu, da sai ka cire rancen, saura 1,600,000, ka ba da 40,000. Akwai malaman da ke cire bashin a kowane hali, amma zuciyata ta fi natsuwa da na farko, don bai dace mai garke ya rage rabon miskini da hujjar bashin da zai iya biya gobe ba.

Mu koma garke. Awaki da tumaki jinsi ɗaya ne a babin zakka, ana haɗa su: 31 da 14 sun zama 45. A takardar da Sayyidina Abubakar ya rubuta wa Anas bin Malik lokacin da ya tura shi Bahrain, wadda Bukhari ya ruwaito, daga 40 zuwa 120 dabba ɗaya ce, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku. Don haka dabba ɗaya ke kanka, daga awaki tun da su suka fi yawa, wadda ta cika shekara, lafiyayya. 'Ya'yan da aka haifa a cikin shekarar ana ƙirga su tare da iyayensu, amma ba a bayar da su. Kada ka zaɓo gurguwa ko tsohuwar da haƙoranta suka zube, haka kuma ba a tilasta maka ba da wadda ta fi kowace kyau, domin Annabi (SAW) ya gargaɗi Mu'azu bin Jabal da ya nisanci zaɓaɓɓun dukiyar mutane sa'ad da ya aike shi Yaman. Bashi ba ya kayar da zakkar dabbobi a mazhabarmu, kuma Malikiyya ba sa bambanta dabbar da ke kiwo a daji da wadda ake ciyarwa a turke, ko da yake jamhurun malamai sun sharɗanta kiwo.

Shanu 22 babu komai a kansu, nisabi 30 ne. In sun kai 30 sai ɗan maraƙi, wanda a wurin Malikiyya shi ne ya cika shekara biyu, a 40 kuma saniya mai cikakkun shekara uku. Wannan idan na kiwo ne. Idan ka saye su da niyyar sayarwa, tun da ba su kai nisabin shanu ba, kuɗi za ka yi musu ka haɗa da kayan shago.

Abin da ke kanka a bana, bisa misalin nan, 50,000 ne da akuya ɗaya, ka miƙa su ga waɗanda aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta ambata, tare da niyya a lokacin fitarwa. Ka rubuta ranar a wuri mai tsaro, ita ce ranar lissafinka baɗi. Wallahu a'alamu.