Tambaya da Amsa: Me zan faɗa wa 'yan ƙungiya game da hannun jari da rabon riba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce magajiyar wata ƙungiyar gama kai ta mata a Aboabo, Kumasi. Muna sayo masara da wake daga Techiman mu sayar wa junanmu. Taron shekara ya gabato, an ce in yi jawabi, ga shi wasu na cewa a ba su kuɗinsu da ribarsu kamar yadda ake kwasar susu. Yaya zan fahimtar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Magajiya. Ki fara jawabinki da raba susu da hannun jari, domin a nan ruɗanin yake. Kuɗin susu ajiya ne, yana nan da sunan mai shi har ranar kwasa. Kuɗin hannun jari kuwa ya bar hannun mai shi ya shiga fatauci. Ki ce musu: "Iyayena da 'yan'uwana, kuɗinmu ba ya cikin akwati. Ya zama buhunan da ke sito, da sikeli, da hayar shago. Ba wadda za ta nuna buhu ɗaya ta ce nata ne, amma kowane buhu akwai rabon kowaccenmu a ciki. In ƙwari suka ci masarar, tare suka ci mu."

Wannan jimla ta ƙarshe kada ki tsallake ta don gudun ɓacin rai. Wadda ba a gaya wa tana da rabo a asara ba, ita ce za ta fara zargin ma'aji ranar da shekara ta zo da ƙaranci.

Sai ki kawo lissafi a bainar jama'a, da alli in da hali. A ce ku arba'in ne, hannun jari ɗaya sidi 100, kun tara hannaye 600. Bayan an biya mota, 'yan dako, haya da duk bashin da ake bin ƙungiya, sai rarar sidi 20,000 ta saura. Wannan rarar kaɗai ake maganar rabawa, ba cinikin shekara ba. Ita ma ba duka ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Gana, ta 1968, ta ce a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a asusun ko-ta-kwana, kuma ba a raba ko kwabo sai mai binciken kuɗi ya tabbatar da lissafin, rajistaran ƙungiyoyi ya amince da tsarin rabon. To 5,000 sun tafi asusu, saura 15,000.

A nan nake so ki daɗe, don nan ne gama kai ya bambanta da kamfani. Rarar nan daga ina ta fito? Daga 'yar ribar da aka ɗora wa 'yan ƙungiya da kansu a kan kowane buhu. Saboda haka ana raba ta ta hanya biyu: kaso a kan hannun jari, kaso a kan yawan cinikin da mutum ya yi da ƙungiya. A ce taro ya amince da 6,000 a kan jari, wato sidi 10 kowane hannu, da 9,000 a kan ciniki. In duka sayayyar 'yan ƙungiya ta kai 300,000, kowane sidi 100 na sayayya zai dawo da sidi 3.

Ga wata Hajiya mai hannaye 50 da ta sayi kayan 2,000 kawai: 500 a jari, 60 a ciniki, 560 ke nan. Ga mai koko da ƙosai, hannayenta 5, amma ta kwashi kayan 30,000 a shekara: 50 a jari, 900 a ciniki, ta tashi da 950. Za a yi gunaguni, na sani. Ki amsa da cewa kuɗin Hajiya ya sayo buhun, an kuma biya shi haƙƙinsa, amma mai kokon ce ta yi ta zuwa sito da asuba tana juya shi. A ganina ƙungiyar da ta zuba duk rarar a kan jari tana korar masu ciniki da ita ne a hankali.

Wajen ƙuri'a kuma su biyun daidai suke, kowace ɗaya, komai yawan hannayenta.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yi alkawarin adadi. Da zarar kin ce "kowace shekara kashi goma," kin mai da rabon riba kuɗin ruwa, malamai za su yi magana, kuma ranar da babu rara za a taɓa uwar kuɗi don a cika alkawari. Alamar hakan ita ce a raba kuɗi a taro, sannan kaka ta yi a rasa na sayo kaya. Wadda kuma ta dage sai ta karɓi jarinta, ki karanta mata abin da dokokin ƙungiyarku suka ce kan fita da wa'adin sanarwa, a gaban kowa, kafin a shiga rabo.