Ɗan wake ne, alale ne, ko tubani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya je Zariya, ya turo mini hoton wani abinci da ya saya wajen wata mai talla. Gunduwa-gunduwa ne, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore, an zuba mai da yaji da albasa. Ni na ce ɗan wake ne, ƙanwata ta ce alale. Ga hoton nan. Mene ne, kuma me ake sawa a ciki? Ina son in gwada, amma ɗana da ya ci gyaɗa sai borin jini ya taso masa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Daga ke har ƙanwar taki babu wadda ta ci gari. Tubani ne.

Buɗe hoton ki dubi gefen gunduwar da ke kusa da cokali. A shafe yake sumul, alamar wuƙa ta bi ta wurin. Ɗan wake ba a yanka shi. Da hannu ake gutsuro ƙullun ana jefawa cikin tafasasshen ruwa, shi ya sa kowane ɗaya ke fitowa da nasa fasalin, wani da ɗan jela, wani a dunƙule, ba za ki ga kusurwa a jikinsa ba. Sai ki dubi bayan gunduwar, za ki ga siraran layuka a jere. Shatin ganye ne, irin na masara ko dawa, wanda aka naɗe ƙullun a ciki aka dafa. Da a leda aka ƙulla, bayan zai yi santsi, da ɗan tattara a inda aka ɗaure.

Alale kuwa launi kaɗai ya fitar da shi. Ana markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa, a zuba mai tun a ƙullu, ya fito ja ko ruwan lemo. Naki babu ɗigon ja a cikinsa, duk kayan daɗin a sama suke.

Tushen tubani garin wake ne, wasu kuma na gurjiya suke yi. Ruwan ƙasar nan aikin kanwa ne, ita ce kuma ta huda ƙananan ramukan da kike gani a inda aka yanka. Koren kuwa kuka ce, mai riƙe ƙullun ya yi danƙo. A nan idona ya tsaya. Masu sayarwa kan ƙara garin rogo ko na masara don ya yi auki, kuma hoto ba ya nuna wannan sai dai a yi hasashe: mai rogo da yawa yakan yi sheƙi da tauri kamar roba, mai zallar wake ya fi laushi. Kada ma ki dogara da launi ɗari bisa ɗari, domin hasken waya da daddare yakan mai da kore ya koma baƙi-baƙi.

In za ki gwada, auni garin wake kofi 2, kuka cokali 1 babba, gishiri kaɗan. Jiƙa kanwa ungurnu kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ki tace ruwan saboda yashi, ki kwaɓa da shi. Ƙullun ya yi kauri yadda zai zauna a cokali, ki buga shi sosai har ya yi sauƙi a hannu. Naɗe a ganye, ki turara kamar minti 40. Soka tsinke, in ya fito fes ya nuna. Kanwa ce ke kayar da mutane. In ta yi yawa zai yi duhu ya yi bauri, har warinta ki ji tun kafin ki buɗe tukunya. In ta yi kaɗan sai ya danƙare kamar dutse. Na taɓa zuba ta da ka ranar da na yi baƙi, ƙarshenta awaki ne suka yi walima.

Maganar yaronki ita ce ta fi damuna. Tubanin kansa ba a sa masa gyaɗa, amma abin da aka yaryaɗa a kai akwai tambaya. Man nan mai ruwan zinare zai iya zama man gyaɗa, kuma ido ba ya raba shi da sauran farin mai. Yajin kuma ki lura ba ja jawur ba ne, ya yi fari-fari yana dunƙulewa cikin mai. Haka yajin ƙuli yake, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce tsagwaronta. Don haka kada maigida ya yo masa tsarabar wannan. A gida ki daka yajinki da barkono da citta da gishiri kawai, ki soya manja da albasa ki zuba. Ki tsaya a kan waken da ya saba ci lafiya, gurjiya kuma ki bari sai kin tambayi likitansa.