Hotuna 640 na ganyen wake: wane hawa zan kulle, wane zan buɗe?

"Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina aikin kammala karatu. Na ɗauki hotuna 640 na ganyen wake kashi huɗu: lafiyayye, mai darɓa, mai ɗige-ɗige da mai ƙanƙancewa. Na ɗauko ResNet50 a PyTorch na horar da shi gaba ɗaya. A hotunan horo yana cin 99 cikin ɗari, a na gwaji bai wuce 65 ba, kuma yana hawa da sauka. An ce in kulle wasu hawa, to waɗanne?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari, domin na san wahalar yawo gona-gona da salula a hannu cikin ranar nan tamu. Na yi irin wannan aiki da ganyen gyaɗa a wajajen Miriya da Matamaye, kuma ramin da ka faɗa na faɗa shi kafin kai.

Abin da ya samu model ɗinka hadda ce, irin ta yaron da ya haddace allonsa amma in an juya masa wani allo ba ya iya ja. ResNet50 yana da lambobin da ake koya wajen miliyan 25 da rabi, kuma an daidaita su ne a kan ImageNet, hotuna fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu masu kashi 1000. Kai kuma ka sake su duka a kan hotunan da in ka cire na gwaji ba su wuce 500 da ɗoriya ba. Wurin da zai ajiye kowane hoto a kansa ya yi masa yawa, sai ya ajiye.

Ka ɗauki model ɗin kamar bene. A ƙasa akwai `conv1` da `layer1`, su ne ke gane gefen abu, layi, launi da canjin haske. Gefen ganye da gefen kunnen kare duk gefe ne, saboda haka babu abin da hotunanka za su ƙara musu. `layer2` da `layer3` na haɗa waɗannan su zama zane da saƙa da ɓangarorin abu. `layer4` ne ya fi karkata ga kashe-kashen ImageNet, kuma shi kaɗai ya kwashe wajen miliyan 15 na lambobin. A can sama akwai `fc`, kan da ke yanke hukunci. Shi ya sa ake buɗewa daga sama zuwa ƙasa, kuma ba a farawa da buɗe komai sai kan.

```python
model = resnet50(weights="IMAGENET1K_V2")
for p in model.parameters():
    p.requires_grad = False
model.fc = nn.Linear(2048, 4)
```

Sabon kan nan lambobinsa 8,196 ne kacal, wato 2048 sau 4 a ƙara 4. Wannan hotunanka za su iya ɗauka. Ka horar da shi da `lr` na `1e-3` zagaye goma zuwa goma sha biyar. Akwai dalili na biyu da ya sa ake fara da kai shi kaɗai: sabon kai da lambobin kacici-kacici yake farawa, kuskurensa a zagayen farko babba ne, kuma in jikin a buɗe yake, gyaran da ke komawa baya zai tuttuje abin da aka sha wahala aka koya tun kan bai san komai ba. Ina kyautata zaton wannan ma ya faru a horon da ka yi.

Tunda jikin a kulle yake, akwai wata dabara da ta dace da halinmu na ɗaukewar wuta da tsadar intanet. Ka wuce da kowane hoto ta cikin model ɗin sau ɗaya tak, ka ajiye lambobi 2048 da ke fitowa kafin `fc`. Na hotuna 640 duka bai fi mega biyar da ɗan kai ba. Daga nan `LogisticRegression` na scikit-learn zai gama cikin daƙiƙu a kan kwamfutarka, ba sai ka nemi Colab ba. Abin da ka rasa kawai shi ne jujjuya hotuna a kowane zagaye, amma don samun ma'aunin farko ya wadatar.

Wannan sakamako na farko shi ne zai gaya maka ko za ka buɗe wani abu, ba ra'ayina ba. Ka rubuta lambobi biyu gefe da gefe, na horo da na gwaji. In ka ga misali 90 da 86, sun yi kusa kuma sun yi sama, ka kusa gamawa, buɗe `layer4` ɗan ƙari zai ba ka. In ka ga 78 da 75, sun yi kusa amma duk sun yi ƙasa, ma'ana abin da jikin ke miƙo wa kan bai isa ya raba cututtukan ba, nan ne buɗewa ke da riba ta gaske. In kuwa ka ga 98 da 70 alhali kai kaɗai ke koyo, kada ka buɗe ko ƙusa ɗaya, domin ƙarin lambobi ƙarin hadda ne. Matsalar tana cikin hotunan, zan zo kanta.

In ka yanke buɗewa, ka ci gaba daga kan da ka riga ka horar, ka rage taku sosai:

```python
for p in model.layer4.parameters():
    p.requires_grad = True
opt = torch.optim.AdamW([
    {"params": model.layer4.parameters(), "lr": 1e-5},
    {"params": model.fc.parameters(), "lr": 1e-4},
])
```

Ka lura na sake gina `opt`. Mutane da yawa kan buɗe hawan su manta cewa tsohon `opt` lambobin `fc` kaɗai aka ba shi, sai su yi ta horo babu abin da ke motsi a ciki. Kuma ba dole ne ka buɗe `layer4` duka ba. Ɗaki uku ne a cikinsa, za ka iya fara da na ƙarshe, `model.layer4[2]`, mai lambobi wajen miliyan huɗu da rabi. Da hotuna irin yawan naka ni daga nan nake farawa. Ka riƙa kallon `loss` na gwaji: ranar da ya daina sauka ya fara hawa alhali na horo na ci gaba da sauka, hadda ta fara, sai ka koma ga wanda ka ajiye kafin nan.

Yanzu ga abin da ya cinye mini kusan mako biyu, kuma ina zargin shi ne hawa da saukar da kake gani. A cikin ResNet50 akwai `BatchNorm2d` guda 53. Kowanne, ban da lambobin da ake koya, yana riƙe da `running_mean` da `running_var`, wato matsakaicin abin da ke wucewa ta cikinsa da yadda yake bazuwa. Waɗannan biyun `requires_grad = False` ba ya taɓa su. Muddin ka kira `model.train()`, kowane damin hotuna da ya wuce yana jan su da kashi ɗaya cikin goma zuwa nasa lissafin. Ni lokacin hotuna takwas-takwas nake turawa saboda kwamfutata ba ta ɗaukar fiye da haka. Na zauna ina rantsuwa na kulle jikin, amma sakamakon gwaji yau sama gobe ƙasa. Wani dare bayan isha'i, wuta ta dawo, na ce bari in buga `model.bn1.running_mean` kafin zagaye da bayansa. Lambobin sun canza. Ashe ƙofa na kulle, taga a buɗe. Matsakaicin hotuna takwas abu ne mai rawa, kuma a lokacin horo da shi ake aiki, a lokacin gwaji kuma da wanda aka tara, shi ya sa ɓangarorin biyu ba sa jituwa. Maganin layi huɗu ne:

```python
model.train()
for m in model.modules():
    if isinstance(m, nn.BatchNorm2d):
        m.eval()
```

Dole ka maimaita shi bayan kowane `model.train()`, domin wannan kiran yana mayar da su duka yanayin horo. Ko bayan ka buɗe `layer4` ka bar su a haka. Gaskiya wani lokaci barin su su bi sababbin hotuna yana taimakawa, in damin ya kai 32 ko fiye kuma an gauraya shi da kyau, amma wannan gwaji ne da za ka yi daga baya, da saninka.

Sai maganar hotunan. Yaya ka raba na horo da na gwaji? In ka ɗauki ganye ɗaya sau biyar ta fuska daban-daban, sannan na'ura ta raba da ka, uku za su faɗa horo biyu gwaji, sakamakon kuma zai yi maka ƙarya mai daɗi. Ka raba da gona: gonakin gwaji kada ko hoto ɗaya nasu ya shiga horo. Sannan ka duba bayan hoton. A aikina, lafiyayyun ganye a jikin shuka na ɗauke su, jan rairayi a bayansu, masu cuta kuwa tsinko su na yi na jera a kan tabarmar kaba a inuwar gawo don in samu haske mai kyau. Model ɗin ya koyi tabarma. Na gane ne da na ɗora lafiyayyen ganye a kan tabarmar nan ya ce mai cuta ne, da cikakken tabbaci. Babu kullewa ko buɗewar da za ta gyara wannan, sai da na koma gona na sake ɗauka. Ka yi wannan gwajin da naka tun yau, minti goma ne.

Ka kuma riƙe ƙanƙantar hotunan gwajinka a rai. In kashi ɗaya cikin biyar ka ware, 128 ke nan, hoto ɗaya ya kusa maki ɗaya cikin ɗari. Saboda haka in buɗe `layer3` ya kai ka daga 86 zuwa 88, hotuna biyu ko uku ne suka sauya, ba hujja ba ce. Ka maimaita kowane tsari sau uku ko biyar kana canza gonakin gwaji, ka ga ko ribar tana nan kowane karo. In ba ta nan, ka zaɓi wanda ya fi kullewa.

Ni ban cika sauka ƙasa da `layer4` da hotunan da ba su kai dubu ba. Inda ake sauka zuwa `layer3` ko ƙasa shi ne in hotunan sun yi nisa da na yau da kullum, kamar na madubin ɗakin bincike ko hoton ƙashi na asibiti. Ganye a rana ba ya cikinsu. Abin da zai fi damunka shi ne ƙanƙantar alamar cutar. Hoto mai faɗin 224 kafin ya fita daga `layer4` ya zama gida 7 sau 7, darɓa kuwa ƙwaro ne da bai fi ƙwayar hatsi ba, in ka ɗauko shukar duka daga nesa ya riga ya ɓace tun a rage girman hoton. Kafin ka buɗe wani hawa saboda kashin darɓa, ka yanke hoton ya matso kan ganyen, ko ka ɗaga girman zuwa 320, ResNet50 zai karɓa ba tare da ka canza komai a jikinsa ba. Kada ka manta da `Normalize` na ImageNet, musamman da jikin ke kulle, tunda da shi ya saba.

Ka yi matakin farko, kai kaɗai da `BatchNorm2d` a kulle da rabon gona-gona, ka turo lambobin biyu tare da teburin da ke nuna wane kashi yake rikitawa da wane, da adadin hotunan kowane kashi. In mai ɗige-ɗige da mai ƙanƙancewa ne ke shiga juna, ka haɗo da hotuna goma daga waɗanda ya kuskure mu duba tare, don wani lokaci sunan da aka liƙa wa hoton ne ba daidai ba. Allah ya ba da sa'a.